Jawabin ban kwana ga abokin aikin da ƙarin girma ya kai shi nesa

Tambaya: Malam, barka da warhaka. Ina aiki a reshen wani kamfani a nan Gombe. Shugaban sashenmu ya samu ƙarin girma, an ba shi manajan reshen Fatakwal, kuma ranar Asabar za mu yi masa liyafar cin abincin dare. Ni aka ɗora wa jawabin ban kwana da ɗaga kofi. Shekara 6 ina ƙarƙashinsa, amma ban taɓa magana a gaban taro ba. Me zan ce, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Na daɗe ina gabatar da irin waɗannan taruka a Gombe da Bauchi, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka san irin zaman da za ka tarar a daren nan, domin daga nan komai yake tashi. Mutumin da aka ƙara wa girma aka bar shi a garinsa, taya murna kawai ake yi masa. Wanda ya yi ritaya kuma godiya ake yi masa. Naka ya haɗa abu biyu da suke jan juna. An ɗaga shi, amma an ɗauke shi daga inda yake da iyali da maƙwabta da masallacinsa. Daga Gombe zuwa Fatakwal a mota akan bi Bauchi, Jos, Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Inugu, kafin a kai. Wannan ba tafiyar da zai riƙa yi kowace Juma'a ba ce. Uwargidansa, in ta zo liyafar, abin da ke ranta ke nan: makarantar yara, ko za su bi shi ko za su zauna, wa zai kula da tsofaffi. Shi kansa yana murmushi ne da rabin zuciya. Aikinka shi ne ka sa murnar ta rinjayi kewar, ba tare da ka yi kamar babu kewar ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne jawabin ya rikiɗe ya koma ta'aziyya. Mai magana zai miƙe ya ce "ya kasance mutum mai haƙuri, ya kasance uba gare mu, mun yi babban rashi, ba za mu taɓa mantawa da shi ba." Waɗannan kalmomi ne na zaman makoki, kuma kunnen Bahaushe ya san su. Za ka gane ka faɗa ramin nan in ka ga mutane sun sunkuyar da kai, matar mai tafiya ta ja gyale ta rufe fuska, shi kuma yana kallon faranti. Maganinsa mai sauƙi ne. Duk inda ka rubuta "ya kasance", ka goge ka ce "shi mutum ne mai kaza". Kalmar "rashi" kuma ka fitar da ita gaba ɗaya, ka ce "za mu yi kewarsa". Mutumin yana zaune a gabanka da ransa da lafiyarsa, aiki mafi girma zai je ya kama.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato a nuna tausayi ga wurin da aka tura shi. Na taɓa jin wani ya ce a makirfo, "Allah ya ba ka haƙurin zama can, an dai jefa ka." Niyyarsa ƙauna ce, amma ya mai da ƙarin girman ya zama horo, kuma ya yi haka a gaban manajan da ya sa hannu a takardar. Kada ka taɓa zancen tsadar rayuwa a Fatakwal, ko tsaro, ko cewa babu tuwo a can. Ko da kun yi wannan hirar a ofis, ta ofis ce. A liyafa abin da za ka faɗa game da nisan shi ne cewa ba a danƙa wa mutum reshe mai nisa da idon hedikwata sai an amince zai riƙe amana ko babu mai duba shi. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce maganar da yake bukatar ji a daren.

Yanzu tsawon jawabin. Minti 3 zuwa 4 ya isa. A awon da na saba yi wa kaina, in ana magana da Hausa a natse, ana tsayawa a yi numfashi, minti ɗaya yana cin kalmomi kusan 110 zuwa 120. Ke nan abin da za ka rubuta kada ya wuce kalmomi 450. Za ka ga kamar ya yi kaɗan ga shekara 6. Ka tuna cewa bayanka akwai mai miƙa kyauta, akwai jawabin shi mai tafiya, akwai addu'ar rufewa, kuma mutanen da suka zo daga Tunfure ko Pantami suna son su koma gida kafin dare ya yi nisa. Ka kuma yi magana da mai gabatarwa tun kafin ranar a kan lokacin da zai kira ka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an yi Isha, an ci abinci an kusa gamawa, an zuba abin sha amma ba a fara tashi ba. In aka kira ka ana tsakiyar rabon abinci, ƙarar cokula da "miƙo min miya" za su cinye muryarka. In kuma aka bari sai an kwashe faranti, rabin ɗakin ya fita neman abin hawa.

Gaisuwar farko tana cinye wa mutane da yawa rabin lokacinsu, suna jero kowane mai muƙami da laƙabinsa. Mai gabatarwa ya riga ya yi wannan. Kai ka yi sallama, ka ambaci mafi girma a wurin, ka ambaci mai tafiya da iyalinsa, sauran ka haɗa su a "iyayena da yayyena da abokan aiki". Amma in akwai basarake ko dattijon da ya zo takanas, ka ambace shi da sarautarsa daidai, ka tambaya tun da wuri yadda ake faɗinta. Sai ka faɗi ko kai wane ne a jimla ɗaya, domin baƙin da ba na ofis ba su san dalilin da ya sa kai ne ka miƙe.

Zuciyar jawabin ita ce labari guda ɗaya. A nan nake so ka ɓata mafi yawan lokacin shirinka. Kowa zai iya cewa mutum yana da gaskiya da haƙuri da riƙon amana, kuma saboda ana faɗin haka a kan kowa, ba ya shiga kunne. Abin da ke shiga shi ne ranar da ka ga halin da idonka. Ka zauna da takarda ka rubuta lokuta biyar ko shida da ka tuna shi a cikinsu, sannan ka tace su da tambayoyi uku. Kai ka gani, ko ji ka yi? In matarsa da manaja suna saurare, akwai abin da zai sa wani ya ji kunya? Halin da labarin ya nuna, shi ne wanda zai yi masa amfani a sabon wurin? Wanda ya tsallake ukun nan shi ne naka. Sauran ka ajiye su, ka gaya masa ku biyu in ka je raka shi tasha.

Bari in ba ka misali da wanda na yi, don ka ga yadda ake ɗinka shi. Shekarun baya ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan noma a nan Gombe, aka ƙara wa mai kula da sitonmu girma zuwa wani reshe a kudu. Labarin da na zaɓa na wata damina ne da aka sauke tirelar taki, lissafi ya nuna buhu 12 sun ɓace, aka ɗora laifin a kan wani yaro akawu da bai fi wata 4 da kama aiki ba. Ga yadda na faɗe shi, gwargwadon abin da na riƙe:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Manaja, Malam da Hajiya, iyayena da abokan aiki, barkanmu da wannan dare. Shekara 7 teburina yana kallon ƙofar siton Malam, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Wata damina aka sauke mana taki, aka ƙirga, buhu 12 babu. Kafin La'asar magana ta gama zaga ofis, kuma kowa ya san wanda ake kallo. Malam bai ce wa kowa komai ba. Da aka tashi aiki ya ce in tsaya. Muka kunna fitila, muka sake ƙirga kayan layi-layi, har aka kira Isha muna ciki. Lissafi bai canza ba. Ni na gaji na ce mu bari sai gobe. Ya ce a'a, akwai wanda ba zai yi barci ba yau in muka bari. Sai ya ɗauko takardar da direba ya zo da ita ya ɗora ta kusa da ta masu lodi, ashe tun can aka loda motar da giɓi. A daren ya buga waya ya wanke wanda ake zargi, da safe kuma bai ba kowa labarin cewa shi ya gano ba. Wannan shi ne mutumin da kamfani ya ce ya je ya riƙe masa reshe guda. Ba su yi kuskuren zaɓe ba. Hajiya, mun gode da aron da kika ba mu, dare nawa ya kai a sito kina jira. Malam, zo mu zauna zo mu saɓa ne, duk inda muka saɓa maka ka yafe mana, mu ba mu riƙe ka da komai ba. Za mu yi kewarka, amma murnarmu ta fi kewar yawa."

Ka lura da abubuwan da na yi a ciki. Ban kira sunan yaron ba, ko da yake yana zaune a wurin, kuma tun da rana na same shi na nemi izininsa. Ban faɗi wanda ya fara zarginsa ba, domin in ka yabi mutum ta hanyar ƙasƙanta wani, ka ɓata wa mai tafiya darensa, shi ne zai bar gari da nauyin. Ban kuma ce "mai gaskiya ne" ko sau ɗaya ba, labarin ya faɗa da kansa. Maganarsa guda da na kawo, "akwai wanda ba zai yi barci ba yau", ita mutane suka tafi da ita. In shugabanka yana da irin wannan kalma da kowa a sashenku ya san shi da ita, ka nemo ta, ta fi duk wani karin magana da za ka aro.

Neman yafiya kuwa kada ka bar shi, al'adarmu ce a rabuwa, kuma in babu shi dattawa za su ji jawabin bai cika ba. Sai dai ka yi shi a dunƙule, jimla biyu. Wanda ya fara cewa "ko da yake mun sha samun saɓani a kan kaza" ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba, mutane za su koma tunanin wane saɓani ne.

Akwai mutum biyu a ɗakin da masu jawabi suke mantawa da su. Na farko shi ne wanda zai gaji kujerar. In ka ce "babu wanda zai iya maye gurbinsa", ka mari wannan mutumin a gaban jama'a, kuma ranar Litinin a ƙarƙashinsa za ka zauna. Ka ce ya bar sashen a tsaye da ƙafafunsa, wannan yabo ne ga mai tafiya kuma ƙarfafawa ne ga mai zuwa. Na biyu shi ne wanda ya sa rai da wannan ƙarin girma bai samu ba. Kusan kullum akwai shi. Saboda shi ne ba a cewa "ya fi kowa cancanta". Ka ce ya cancanta, ka tsaya nan.

Barkwanci yana da daɗi in ya zo a wurinsa. A Gombe muna da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kuma in kai da shi abokan wasa ne, layi ɗaya mai taushi zai saki ɗakin. Amma shugabanka ne, ya girme ka a aiki, ga iyalinsa a zaune, ga kuma abokan aiki daga Kaltungo ko Billiri ko kudu da wataƙila ba su san wasan ba. Tunda karonka na farko ne, shawarata ka bar shi. Wasan "zai ƙaro amarya a can" kuwa, ko wa ya zuga ka kada ka yi. Maza za su yi dariya, matar da ake shirin bari da yara ba za ta yi ba. Haka nan kada ka roƙe shi komai a makirfo, irin su "kar ka manta da mu in dama ta samu". Kuma kada ka faɗi nawa aka tara na karo-karon kyauta.

Sai ɗaga kofin kansa. Wannan al'adar Turawa ce da ta shigo ta ofisoshi, kuma a asalinta da giya ake yi, shi ya sa wasu dattawa da malamai ba sa sakin jiki da ita ko da zoɓo ne a kofin. Ka tambayi mai tafiya ko manaja tun kafin ranar. In sun ce a yi, ka tabbata an zuba wa kowa abin sha, zoɓo ko kunun aya ko lemo, kafin ka miƙe, domin babu abin da ke kashe wannan lokaci kamar a ce a ɗaga kofi rabin mutane hannunsu wayam. Ka ajiye naka kofin a gefen damanka, takardarka a hagu. In ka kai ƙarshe, ka ce a sarari, "Ina roƙon mu miƙe, Malam kai ka zauna." Ka jira kujeru su gama ƙara. Sannan ka ɗaga kofi da hannun dama, ka dube shi, ka faɗi jimla ɗaya gajera wadda za a iya amsawa: "Allah ya sa wannan ƙarin girma ya zama alheri gare ka da iyalinka." Ɗakin zai ce amin, ka kurɓa, ka zauna. Ba sai an gwara kofuna ba.

In kuma ka ga ɗaga kofin zai sa wasu su takura, ka sauke shi, addu'a ta ishe ka, kuma a ganina ita ta fi zama a bakinmu. Amin ɗin da ɗaki zai amsa tare ita ce take yin aikin da kofin yake yi, wato ta haɗa kowa a kan fata guda a lokaci guda. In mai tafiya Musulmi ne, akwai addu'ar sallamar matafiyi da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, wadda ma'anarta ita ce ina ba Allah ajiyar addininka da amanarka da ƙarshen ayyukanka. Ka faɗe ta da Hausa don kowa ya fahimta. Ta dace ƙwarai da wanda za a danƙa wa reshe, domin amana ce a tsakiyarta. In taron ya haɗa Musulmi da Kirista, kamar yadda yawancin ofisoshin Gombe suke, fatan a sauka lafiya, Allah ya yi jagora, ya haɗa shi da mutanen kirki, kowa zai amsa shi da zuciya ɗaya. Ka taƙaita, kada ka shiga aikin wanda aka ba addu'ar rufe taro.

Game da tsoron tsayawa gaban mutane, ga abin da ke aiki. Ka rubuta jawabin gaba ɗaya yau, ka karanta shi da ƙarfi sau uku kana duba agogon waya. Duk inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ta yi tsawo ko kuma da Turanci ka yi tunaninta, ka sake ta yadda za ka faɗa wa yayanka. Daga nan ka rage shi zuwa ƙaramar takarda mai layi biyar: gaisuwa, labari, godiya ga iyali, yafiya, addu'a. Jimlar farko da ta ƙarshe kawai za ka haddace. Labarin ba ya bukatar hadda tunda kana wurin aka yi. Kada ka karanta daga waya, allon yana mutuwa a tsakiyar magana, kuma kanka zai kasance a sunkuye. Kada ka buɗe da ba da haƙuri cewa kai ba gwanin magana ba ne, ka shiga sallama kai tsaye. Makirfo kuma ka riƙe shi kamar faɗin yatsu huɗu daga bakinka, ka gwada shi kafin mutane su cika.

Harshe ɗaya za ka riƙe. In yawancin ɗakin suna jin Hausa, ka yi da Hausa, in akwai baƙo daga hedikwata da ba ya ji, ka juya gare shi da jimla biyu na Turanci bayan gaisuwa, ka dawo. Fassara kowace jimla tana ninka lokaci ta kashe labarin.

Wataƙila muryarka ta yi rawa in ka zo wurin yafiya, shekara 6 ba kwana 6 ba ce. In haka ta faru ka tsaya, ka ja numfashi, ka dubi takardarka, ka ci gaba. Mutane za su jira ka. Ka kuma kira shi da sunan da ka saba kiransa a ofis, in Oga kake cewa ko Malam ko Yallaɓai, kada ka canza a daren. Kafin Asabar ka samu wani da ya san gidan ya gaya maka ko iyalin za su bi shi yanzu ko sai ƙarshen zangon karatu, don ka san ko sauka lafiya za ka yi musu gaba ɗaya, ko kuwa za ka ce wa Hajiya ofishin nan gidanta ne duk abin da ya taso kafin su tafi.